Tsohuwar rauta a shagon ƙofar gida: waya ta kama, intanet ya ƙi zuwa

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Masana a taimaka mini. Ina da rauta mai sim a falona a Anguwan Rogo, tana bakin taga don nan ne kaɗai sabis yake kamawa da kyau. Shagona na buga takardu yana ƙofar gida, tsakaninsa da falon akwai ɗakin Inna da kicin da zaure, duk ginin bulo. Waifai ɗin ba ya kaiwa shagon, sai sanda ɗaya, ita ma sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga waya sama.

Ina da tsohuwar TP-Link TL-WR841N da ta daɗe a ajiye. Na sayo kebul mita 40, wani yaro ya matse mini kawunan, na jona ta da ta falo. Tun daga nan gida ya rikice. Waya za ta kama, sanda a cike, amma ta rubuta `Connected, no internet`. Har wayoyin cikin gida da suke lafiya ƙalau sun fara haka, wata ta yi, wata ta ƙi. Da na zare kebul ɗin komai sai ya dawo daidai. Rautar ce ta lalace ko ni ne ban iya ba?

Gwani Auwal: Wa alaikumus salam. Ka huta da wahala Malam, ka je Taminus ka sayo ɗan abin nan da ake maƙalawa a soket yana ƙara ƙarfin waifai. Ba kebul, ba huda bango.

Baban Ummi: Gwani na ara na gwada wancan. A shago ba ya samun abin da zai ƙara, in na sa shi a zaure kuma yana nuna sanda cike amma takarda ɗaya sai ta yi minti tana sauka. Kuma kebul ɗin na riga na saya, kuɗina na ciki.

Sadiq: Baba a wane rami kuka sa kebul ɗin a jikin tsohuwar? Akwai shuɗi guda ɗaya, akwai masu ruwan lemu guda huɗu.

Baban Ummi: A cikin huɗun nan, na farko.

Sadiq: To matsalar ke nan. Ku mayar da shi shuɗin, wanda aka rubuta WAN. Nan ne intanet yake shiga. Haka na yi a ɗakinmu a Farin Gada, ban taɓa saitin komai ba, har yau muna amfani da shi mu shida.

Kabiru Kebul: Baban Ummi, dakata tukuna kafin ka canza rami. Juya kowace rauta ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta, ka faɗa mini adireshin da aka rubuta. Lambobi ne huɗu masu ɗigo a tsakani.

Baban Ummi: Ta falo an rubuta 192.168.0.1. Tsohuwar kuma tplinkwifi.net aka rubuta, amma da na jona ta ita kaɗai da kwamfuta, ita ma 192.168.0.1 ce take buɗe ta.

Kabiru Kebul: Madalla, rautarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne suka haɗu maka.

Na farko, ka haɗa na'ura biyu a layi ɗaya kowacce tana amsa adireshi ɗaya. Duk wayar da za ta fita intanet sai ta miƙa saƙonta ga 192.168.0.1. In ta falo ce ta amsa, saƙo ya wuce. In tsohuwar ce ta riga ta, saƙo ya tsaya nan, don ita ba ta da sim, ba ta da hanyar fita. Shi ya sa har wayoyin falo suka shiga ciki, domin da ka jona kebul gidan duka ya zama layi ɗaya.

Na biyu shi ne DHCP. Shi ne abin da ke cikin rauta da yake ba kowace waya lambarta idan ta shigo, ya kuma gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita. Yanzu kana da guda biyu suna aiki lokaci ɗaya, kamar 'yan kamasho biyu a tasha ɗaya kowa da littafinsa: wannan ya ba mota lamba, wancan ma ya ba wata motar lambar, kuma ɗayansu yana tura fasinja layin da babu mota. Wanda ya fara amsa wa waya shi take bi. Ka ga dalilin da wata ta yi, wata ta ƙi, gobe kuma su yi musanya.

Sadiq: Oga Kabiru ai abin da na faɗa ke nan. In ya sa a WAN duk wannan ba zai faru ba.

Kabiru Kebul: A ɗakinku ba zai faru ba. Duba babbar rautarku, ina kyautata zaton 192.168.8.1 ce ko 192.168.1.1.

Sadiq: 192.168.8.1 ce.

Kabiru Kebul: To ka ga. Taka lamba ta uku 8 ce, ƙaramar kuma 0, ba su yi karo ba, shi ya sa ka jona kawai ta tashi. A gidan Baban Ummi duka biyun 0 ne. In ya sa a WAN, tsohuwar za ta ga layin waje da layin ciki iri ɗaya. Wasu sababbi suna lura su canza nasu da kansu, tsofaffi da yawa tsayawa kawai suke yi.

Amma ko an gyara wannan, hanyarka tana raba gida biyu. Tsohuwar za ta kafa nata layin a bayan na falo. Kallon bidiyo da WhatsApp ba za ka ga bambanci ba, shi ya sa ku shida ba wanda ya yi ƙorafi. Baban Ummi, firintarka ta shago tana hawa waifai?

Baban Ummi: Tana hawa. Ai rabin dalilin ke nan. Ina so in zauna a falo da dare in gama aikin mutane, in tura shi ya fita a shago, da safe yaro ya tarar da shi.

Kabiru Kebul: To da hanyar Sadiq kwamfutar falo ba za ta ga firintar ba sam. Wanda ke bayan tsohuwar rauta yana iya leƙo waje, na waje ba ya iya leƙa ciki. Kai abin da kake buƙata shi ne tsohuwar ta daina zama rauta gaba ɗaya. Ta zama mai watsa waifai kawai, rabon lamba da fita intanet duk a bar wa ta falo.

Sadiq: Na yarda da batun firinta. Amma ga wanda ba shi da firinta, tawa ta fi sauƙi, wannan kam ba na janyewa.

Kabiru Kebul: Ban hana ka ba. Ranar da za ka sa kyamara a ɗakin za ka neme ni.

Hajiya Binta: Sannunku. Ni ma ina bin zancen daga Kubwa. Ina da 'yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir da na daina amfani da ita. In na yi mata wannan saitin, data za ta riƙa daɗewa? Yaran nan kafin sati biyu sun cinye ta wata.

Kabiru Kebul: Hajiya, ta aljihu ba ta da ramin kebul, ba za ta yi wannan aikin ba. Kuma aikin ba ya ƙara data, ba ya ƙara gudu. Sim ɗin nan guda ɗaya shi ne dai kowa yake sha. Abin da yake ƙaruwa shi ne wurin da waifai yake kaiwa.

Hajiya Binta: Wato ma ɗakin yaran zai kai. A'a, na fasa.

Baban Ummi: Oga Kabiru, ga ni gaban kwamfuta. Bi da ni a hankali.

Kabiru Kebul: Zare dogon kebul ɗin daga tsohuwar tukuna, kada ta haɗu da ta falo har sai mun gama. Kunna ta, ka sa tsinke ka danne `Reset` kamar daƙiƙa 10 har fitilun su yi ƙyaftawa, don mu share duk abin da aka taɓa sa mata. Sai ka ɗauki gajeren kebul ka haɗa kwamfutarka da ɗaya daga ramukan LAN, wato huɗun nan masu ruwan lemu. Kashe waifai na kwamfutar, in ba haka ba za ka buɗe shafin ta falo kana zaton na tsohuwar ne, tunda adireshinsu ɗaya. Na ga wanda ya kashe DHCP ɗin babbar rauta ta haka, gida ya yi tsit.

In ka shiga 192.168.0.1, tsofaffin suna karɓar `admin` a sama da ƙasa, sababbin kuma za su ce ka ƙirƙiri lambar sirri. Fara duba jerin da ke gefen hagu ko akwai `Operation Mode`. In akwai, zaɓi `Access Point`, rabin aikin ita za ta yi da kanta.

Baban Ummi: Na shiga. Babu wannan. Akwai `Status`, `Quick Setup`, `WPS`, `Network`, `Wireless`, `DHCP` da sauransu.

Kabiru Kebul: Tsohon zubi ce, za mu yi da hannu, ba wuya. Kafin nan ɗauki wayarka ka shiga shafin ta falo, ka nemo DHCP ɗinta, ka karanta mini daga ina zuwa ina take rabon lamba. Karantawa kawai, kada ka taɓa komai.

Baban Ummi: Daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.200.

Kabiru Kebul: Yayi kyau. Ke nan daga 2 zuwa 99 ba wanda za ta ba. Koma kan tsohuwar, `Network` sannan `LAN`, ka mayar da ita haka:

```
IP Address:  192.168.0.2
Subnet Mask: 255.255.255.0
```

Lambobi ukun farko dole su zama irin na ta falo, ta ƙarshen ce kawai za ta bambanta, kuma ta kasance wajen waccan iyakar, kada wata rana ta falo ta miƙa wa wayar baƙo lambar tsohuwar. Danna `Save`, za ta mutu ta tashi, daga nan a 192.168.0.2 za ka same ta. Rubuta wannan lambar a takarda ka manna a jikinta, don bayan wata shida ba wanda zai tuna.

Sai ka shiga `Wireless` ka sa suna da lambar sirri, tsaron ya zama `WPA2-PSK`. DHCP shi ne na ƙarshe: `Disable`, `Save`, ka sake tayar da ita. Dalilin barin sa ƙarshe, da zarar ka kashe shi ba mai ba kwamfutarka lamba, in ka zare ka mayar ba lallai ka sake samun shafin ba sai an haɗa ta da ta falo. Bayan nan dogon kebul ya tashi daga LAN na falo ya shiga LAN na tsohuwar. Shuɗin ramin a bar shi fanko, ko ka liƙe shi da salatif don kada wani mai son gyara ya mayar da kebul can.

Baban Ummi: Na gama, na kai ta shago na jona. Kwamfutar shago ta samu, wayata ta samu. Wayar Ummi da ta yaron shago har yanzu ba intanet.

Gwani Auwal: Na faɗa maka.

Kabiru Kebul: Karɓi wayar Ummi, shiga bayanan waifai ɗin da ta kama, ka duba inda aka rubuta `Gateway` ko `Router`. Me ke gabansa?

Baban Ummi: 192.168.0.2

Kabiru Kebul: A taka wayar fa?

Baban Ummi: 192.168.0.1

Kabiru Kebul: To DHCP na tsohuwar bai mutu ba. Ita ce ta ba wayar Ummi lamba, ta kuma ce mata ni ce ƙofa. Yanzu da adireshinsu ya bambanta abin ya fito fili, ɗazu da duka biyun 1 ne ba za ka iya ganewa ta nan ba. A waɗannan tsofaffin danna `Save` ba ya isa, saitin ba ya hawa sai an bi ta `System Tools` an danna `Reboot`. Shiga 192.168.0.2 ka tabbatar yana kan `Disable`, ka tayar da ita, sannan a wayoyin biyu ka kashe waifai ka kunna. In wata ta yi taurin kai, sa ta manta da waifai ɗin ka sake shigar da lambar sirri.

Baban Ummi: Alhamdulillah, duk sun samu, kowacce 192.168.0.1 take nunawa. Firintar ma ta fito a kwamfutar falo. Allah Ya saka da alheri.

Malam Ɗanjuma: Ina tayaka murna, amma ina da tambaya ɗaya. Kebul ɗin nan ta ina ya bi?

Baban Ummi: Ta sama Baba. Daga tagar falo na ɗaure shi a ƙarfen tankin ruwa, ya tsallaka tsakar gida, ya bi ƙasan kwanon zaure ya shiga shago.

Malam Ɗanjuma: A garin Jos? A ƙarfen tanki? Yaro, damina na tafe. Ni a Bukuru haka na ja nawa daga gida zuwa ɗakin baƙi. Dare ɗaya aka yi wata tsawa, ba ma a gidana ta sauka ba, can wajen tsaunin bayanmu. Da safe rautar na kunne, fitilu na ci, amma ramukan kebul duk sun mutu, da na rautar da na kwamfuta. Ka sauke shi tun yanzu.

Baban Ummi: Zan dawo kan wannan Baba, don wata sabuwa ta taso. Tun safe intanet ɗin shago yana yi yana tsayawa. A falo lafiya lau. Na tura aiki mai shafi 30 daga falo, firintar ta fitar da bakwai ta tsaya.

Sadiq: Tashar waifai ce ta yi karo. Baba ku shiga `Wireless` ku canza `Channel`, in ta falo tana kan 1 ku sa ta shago a 6 ko 11. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna.

Kabiru Kebul: Maganar 1 da 6 da 11 gaskiya ce, a yi hakan ko ba matsala, `Channel Width` ma a bar shi a 20MHz tunda unguwa ce mai cunkoso. Amma ban yarda shi ne ciwon ba. Rautar da sanda ɗaya take kaiwa shago ba ta da ƙarfin da za ta hana ta shago magana. Mu raba gardama: Baban Ummi, zare dogon kebul daga tsohuwar ka sa shi kai tsaye a kwamfutar shago, kashe mata waifai, buɗe `cmd` ka rubuta wannan:

```
ping 192.168.0.1 -n 50
```

Wannan ba ya taɓa sim, ba ya taɓa waifai. Kebul kaɗai yake gwadawa, daga shago zuwa falo.

Baban Ummi: Wasu layukan suna cewa `time<1ms`, wasu `Request timed out`. A ƙarshe ya ce `Lost = 9`.

Kabiru Kebul: A kebul mai lafiya ko ɗaya bai kamata ya ɓata ba. Ɗauko kan kebul ɗin, ka riƙe shi ƙarafan zinaren suna kallonka, ɗan maƙallin yana baya, bakinsa sama. Karanto mini launukan daga hagu zuwa dama.

Baban Ummi: Fari mai ratsin lemu, lemu, fari mai ratsin kore, kore, fari mai ratsin shuɗi, shuɗi, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ɗaya kan ma haka yake. Kuma yaron ya sa a testa a gabana, fitilu takwas duk sun kama a jere.

Gwani Auwal: To ai in kai biyun iri ɗaya ne shi ke nan. Launi ado ne kawai, wuta ba ta san kore da shuɗi ba. Ni wayarin nake yi, na sani.

Kabiru Kebul: Gwani, a wayarin ɗin gida maganarka daidai ce. A nan ma wutar ba ta san launi ba, amma ta san tufka. In ka feɗe kebul ɗin za ka ga sili takwas an tufke su biyu-biyu, kowane launi da farinsa. Ba don kyau aka yi ba. Saƙo yana tafiya ne a sili biyu tare, kuma tufkar ce take sa duk hayaniyar da ta shigo daga waje ta faɗa wa biyun daidai wa daida, sai na'ura ta iya cire ta.

Ramukan wannan rautar masu mega 100 ne, ƙafa huɗu kawai suke amfani da su: 1 da 2 tare, sai 3 da 6 tare. Lura, 3 da 6, ba 3 da 4 ba. Yanzu duba jerin da yaron ya yi. Ƙafa ta 1 da ta 2 lemu da farinsa, lafiya. Ƙafa ta 3 farin kore, ƙafa ta 6 kuma shuɗi. Ke nan saƙo ɗaya yana tafiya a sili biyu da ba a tufke su tare ba, tsawon mita 40. A kebul mai mita 2 ba za ka taɓa sani ba. A mita 40 abin da ka gani ke nan, yana yi yana yankewa, wani lokaci ma ya sauko mega 10.

Testar nan mai fitilu takwas tambaya ɗaya take yi: ƙafa ta 3 a nan ta isa ƙafa ta 3 a can? Ta isa. Ba ruwanta da wane sili aka tufke da wane. Shi ya sa wannan kuskuren yake wuce ta kullum.

A yanke kai biyun a sake matsewa haka: farin lemu, lemu, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Koren ne yake tsallaka shuɗayen biyu ya sauka a ta 6. Wannan jerin shi ake kira T568B, a mafi yawan filayar matse kai da testa ma akwai zanensa. Kuma kada a warware tufkar da tsawo, kamar faɗin ɗan yatsa ya isa, rigar kebul ɗin ta shige cikin kan.

Gwani Auwal: Ni dai na sha matse nawa yadda na ga dama yana aiki.

Kabiru Kebul: Mita nawa?

Gwani Auwal: Daga tebur zuwa bango.

Hajiya Binta: Gwani ka yi shiru haka nan.

Baban Ummi: Yaron ya dawo ya sake, yana ta mita wai haka ogansa ya koya masa. Na maimaita gwajin, `Lost = 0`. Na mayar da kebul jikin tsohuwar, shafi 30 sun fita ba tsayawa. Amma ya ce mini wai mita 40 ta yi yawa, da ma ƙarfin yana raguwa.

Kabiru Kebul: Iyakar irin wannan kebul mita 100 ce, kuma a cikin iyakar gudun ba ya raguwa da tsawo. In tagulla ce ta gaske ke nan. Akwai wanda ake rubuta CCA a kwalinsa, alminiyon ne aka shafa masa tagulla a sama, ya cika kasuwa don ya fi araha. Kankare sili ɗaya da reza, in cikin ya fito fari to shi ne. A mita 40 yawanci yana yi, sai dai saurin karyewa gare shi, iska tana kaɗa shi a tsakar gida wata rana sili zai tsinke a ciki ba ka gani ba. Ba sai ka nemi Cat6 ba, Cat5e na kirki ya fi ƙarfin abin da rautar nan za ta iya ɗauka.

Sadiq: Saura suna. Baba ku sa mata suna da lambar sirri iri ɗaya da ta falo, waya za ta riƙa komawa kan mai ƙarfi da kanta.

Baban Ummi: Haka na fara yi. Amma in na taso daga falo na shigo shago, wayata tana nan maƙale da ta falo da sandarta ɗaya, ga ta shago a saman kaina.

Kabiru Kebul: Wayar ce take yanke shawarar sauyawa, ba rauta ba, kuma da yawa ba sa saki sai sun ga abin ya kusa yankewa. Tunda ta falo tana ɗan leƙowa shago, wayar ba ta ga dalilin tashi ba. Ni duk da haka suna ɗaya nake sa wa mutane, in ta maƙale a kashe waifai a kunna. In ta falo tana da wurin rage ƙarfin watsawa, rage shi kaɗan yana taimakawa.

Malam Ɗanjuma: Ni ban yarda ba. Suna biyu ya fi. Ka duba waya ka san inda kake, in abu ya lalace ka san wacce za ka zarga. Kuma shago ne, kwastoma zai ce a ba shi lambar sirri ya turo takarda. Ka ba shi ta gidanka?

Kabiru Kebul: Nan kun fi ni gaskiya Baba, saboda kwastoma. Sai dai Baban Ummi ya sani, ko suna ya bambanta layi ɗaya ne. Wanda ya hau ta shago yana iya buɗe 192.168.0.1 da 192.168.0.2. In har yanzu `admin` ne a kansu, a canza yau.

Baban Ummi: Na canza. Na bar suna biyu, zan riƙa sauya lambar ta shago duk wata. To Baba, mu koma kan tsawa.

Malam Ɗanjuma: Ka haƙa ka binne shi a cikin faif, shi ke nan.

Baban Ummi: Tsakar gidan siminti ne, ƙarƙashinsa kuma dutse. Da muka haƙa sokawe sai da aka kawo masu fasa dutse.

Kabiru Kebul: Binnewa ta fi ratayewa nesa ba kusa ba, amma ba ta kawar da haɗarin duka. Ba sai aradu ta faɗo kan kebul ba. In ta sauka kusa, dogon ƙarfe kowane iri yana ɗaukar wani abu daga gare ta, kuma abin da ya ɗauka ramukan rauta yake kaiwa, kamar yadda ya faru da Baba. Abin da yake yanke maganar shi ne faiba, don gilashi ne ba ya ɗaukar wuta, amma sai ka sayi 'yan akwatuna biyu masu juya saƙo, ɗaya a kowane kai, kowanne da adaftarsa. Kuɗin ya fi na tsohuwar rautar.

In ni ne, abu na farko in kwance shi daga ƙarfen tanki. In bi da shi jikin katanga ƙasa-ƙasa a cikin faif na roba, ko da zai ƙara mita 15, ai akwai sauran wuri kafin 100. Faif ɗin zai kare shi daga rana ma, don rigar kebul na cikin ɗaki tana tsattsagewa in ta sha rana da sanyin hunturu. Kada a cusa shi faif ɗaya da wayar wuta. Akwai kuma 'yar na'urar kariya da ake sawa a bakin kebul, amma sai an haɗa ta da at na gaske, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, in ba at ɗin ado ce.

Malam Ɗanjuma: Ni tun wancan karon, da na ga hadari ya haɗo daga gabas zare kebul nake yi ta kai biyun. Ban sake asara ba.

Sadiq: In ya taso ƙarfe biyun dare fa Baba?

Malam Ɗanjuma: Daga watan Afrilu zuwa Oktoba a zare nake kwana.

Baban Ummi: To ni kuma da dare nake son tura aiki shago. Bari in auna katangar gobe in ga faif nawa za ta ci. Oga Kabiru, in tsawon bai kai ba, zan iya ƙulla wani a kai, ko sai na sayi sabo?

Kabiru Kebul: Kada ka murɗa sili da sili ka naɗe da salatif, ciwon da ka gama warkewa ne zai dawo. Akwai ɗan mahaɗi mai rami gaba da baya, ka matse kai a kowane ɓangare ka haɗa su a ciki. Amma mahaɗin ya faɗo a cikin zaure inda ruwa ba ya taɓawa, ba cikin faif a waje ba. In lissafin bai ba da haka ba, sayi guda ɗaya mai tsawon duka, wannan mita 40 ɗin ka ajiye. In ka gama ka sake yin `ping` ɗin nan kafin ka rufe faif.